Na ɗaga duhu, yashi ya taso: hirar da na ɗauka ba haske

Sagir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin wani hali, a taimaka. Na ɗauki hira da wani dattijo ta kusan minti 40 a cikin ɗakin karatunsa, da fitilar tebur guda ɗaya a gefensa. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya lau na gan shi, ashe hasken allon ne na ƙure tun da rana na manta ban mayar ba. Da na zuba a kwamfuta sai na ga fuskarsa da ƙyar ake gane ta, kantar littattafan da ke bayansa kuwa ta nutse gaba ɗaya. Na ja `Shadows` da `Lift` a DaVinci Resolve, littattafan sun fito, amma hoton ya cika da yashi, ga wasu ɗigo-ɗigo ja da kore suna ta rawa a bango. Dattijon ya yi tafiya, sake ɗauka ba ya cikin lissafi. Akwai yadda zan fito da abin da ke cikin duhun nan ba tare da yashin ya biyo ni ba?

Nura: Wa alaikumus salam. Ai matsalarka haske ce. Ka riƙa tafiya da fitila ko guda biyu, ka buɗe lens ɗinka sosai, kuma kada ka ji tsoron ƙara ISO. Ni ba na shiga ɗaki sai da fitila.

Sagir: Na gode Nura, amma aikin gama ya gama. Maganar abin da ke hannuna nake yi yanzu.

Nura: Au, ban karanta ƙarshen ba. Yi haƙuri.

Ɗanlami: Abu biyu za ka yi. Na farko ka juya fayil ɗin zuwa ProRes mai bit 10 kafin ka taɓa komai, don bit 8 ba ya ɗaukar ja. Na biyu ka shiga `Clip Attributes` ka mayar da `Data Levels` zuwa `Full`, za ka ga duhun ya buɗe nan take. Na sha yin haka.

Malam Habu: Sagir, kafin a ba ka magani bari mu san ciwon. Cire duk abin da ka ja, ka mayar da hoton yadda ya fito daga kyamara. Ka buɗe `Waveform`, ka faɗa mana inda fuska ta tsaya, inda kantar littattafai ta tsaya, da inda rigarsa ta tsaya. Sannan ka ba mu abin da wannan ya nuna maka:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=width,height,pix_fmt,color_range,avg_frame_rate,bit_rate -of default=nw=1 C0007.MP4
```

Ka kuma gaya mana ko kyamarar a kan ƙafa take ko a hannu, da girman da za ka miƙa aikin.

Sagir: To Malam. Fayil ɗin 3840 da 2160 ne, `yuv420p`, `color_range=tv`, firem 25 a daƙiƙa, kusan megabit 100, H.264. Ba log ba ne, hoton Rec.709 na yau da kullum ne. Kyamara a kan ƙafa take, ban motsa ta ba ko sau ɗaya. A 1080 zan miƙa. A ma'aunin 0 zuwa 1023, fuska tana tsakanin 180 da 250, littattafai tsakanin 30 da 90, baƙar rigarsa tana ƙasa da 20. Kusurwar dama ta sama layi ne siriri kwance a kan sifili. Murfin fitilar yana wajen 700.

Malam Habu: Madalla, yanzu muka samu abin kamawa. Ka yi sa'a a abubuwa biyu, kyamarar ba ta motsi kuma ka ɗauka a 4K za ka miƙa a 1080. Waɗannan biyun su za su cece ka, zan dawo kansu.

Amma bari in fara gyara tambayar, don a yadda ka yi ta amsar ita ce babu. Yashin nan ba kai ka haifar da shi da ka ja `Shadows` ba, yana nan tun lokacin ɗauka, duhu ne ya rufa masa asiri. Haske ƙwaya-ƙwaya yake faɗa wa sensa, kuma adadin da ke faɗa wa kowane fiksel yana hawa yana sauka daga firem zuwa firem. Idan fiksel yana samun ƙwaya 400, hawa da saukar kusan 20 ne, kashi 5 cikin 100 ke nan. Idan hasken ya ragu ya koma 100, hawa da saukar kusan 10 ne, kashi 10 cikin 100. Ka ga hasken ya ragu sau huɗu, rabon yashi ya ninka biyu. A can ƙasa kuma, inda rigarsa take, akwai wani yashin na lantarkin sensar kanta da ke ƙaruwa a kai. Duk abin da za ka ja don haskaka wurin, littafi da yashi tare zai ɗaga su, don shi bai san wanne ne littafi ba.

Saboda haka abin yi shi ne a rage yashin ta wata hanyar da ba ta cin hoton, sannan a ɗaga abin da ya cancanci ɗagawa kawai, a bar sauran a duhunsa.

Kusurwar nan da ka ce layi ne siriri a kan sifili, ka yafe ta. Inda akwai bayani, layin yana da kauri yana kuma rawa. Inda ya zama siririn zare, kyamara ta riga ta yanke, ba abin da ke ƙasa. Rigar ma kusan haka take. Bit 8 na bidiyo matakai 219 ne daga baƙi zuwa fari, wato daga 16 zuwa 235, kowane mataki kusan 4.7 a ma'auninka. Daga 0 zuwa 20 matakai huɗu ke nan kacal, ba a fitar da saƙar yadi daga matakai huɗu. Littattafan daga 30 zuwa 90 suna da matakai kamar 13. Ba su da yawa, amma za a ga kanta ce, za a ga littattafai ne a jere. Fuska ita ce mai rabo, kuma ita ce dalilin ɗaukar.

Ɗanlami: To Malam, maganar `Full` ɗin fa? Wallahi ni na ga ta yi aiki da idona.

Malam Habu: Ban musa ba, Ɗanlami. Akwai kyamarori da wayoyi da ke rubuta hoton daga 0 zuwa 255, idan manhaja ta ɗauka daga 16 ya fara sai ta tura duk abin da ke ƙasa da 16 ƙarƙashin baƙi. A irin wannan fayil ɗin, in ka gyara saitin, da gaske bayani yake dawowa kyauta. Shi ya sa na ce ya duba. Nasa `tv` ya nuna. Idan ya sa `Full` a nan, baƙinsa zai tashi daga 0 ya koma wajen 64, hoton ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka, ido ya ɗauka duhu ya buɗe, alhali ko harafi ɗaya bai ƙaru a bayan littafi ba.

ProRes ɗin kuma, zuba ruwan kofi a bokiti ba ya ƙara ruwan. Matakai 13 ɗin nan za su shiga fayil mai bit 10 su zauna su 13. Resolve dama a cikinsa da bit 32 yake lissafi, ba ya jiran ka juya masa komai. Amma akwai inda maganarka take da gaskiya, in an zo wurin zan nuna.

Zainab: Ni abin da zan ƙara, Sagir, ka raba yashin gida biyu tun yanzu. Ɗigon ja da koren nan daban, yashi mai launin toka daban. Ka sauke `Sat` zuwa sifili na ɗan lokaci ka kalli hoton baƙi da fari, za ka sha mamakin yadda rabin munin ya tafi. Ido yana haƙuri da yashin toka, har yakan ɗauke shi kamar na fim, amma ɗigon launi ba ya yafe shi. Kuma ana iya danne na launi da ƙarfi ba tare da hoton ya dushe ba, tunda kaifin hoto a ɓangaren haske yake zaune, launin `yuv420p` dama rubu'in fiksel ɗin yake da su.

Sannan ka duba `Parade`. Fitilar tebur mai jan haske ba ta ba shuɗi komai, zan iya rantsuwa shuɗinka ya fi kowa zama a ƙasa kuma ya fi kowa datti. Kuskuren da na taɓa yi shi ne na dage sai farar takarda ta koma fara sol, na yi ta ƙara shuɗi, ashe tashar da ta fi lalacewa nake ta ninkawa. Ka bar ɗakin da ɗan jansa. Fitila ce, kowa ya san kalarta.

Sagir: Haka ne Hajiya, shuɗin yana can ƙasa, kaurinsa ya kusa ninka na koren. Kuma lallai na taɓa `Temp` sosai ɗazu. Resolve ɗin nawa Studio ne, ina da `Temporal NR` da `Spatial NR`, sai dai da na gwada na biyun fuskar dattijon ta koma kamar ta roba, furfurar gemunsa ta haɗe ta zama auduga.

Malam Habu: Saboda ka fara da wanda ya kamata ya zo ƙarshe. `Spatial NR` cikin firem guda yake aiki, yana duba maƙwabtan fiksel yana daidaita su. Shi a wurinsa silin gemu da ƙwayar yashi kusan abu ɗaya ne, dukansu ƙanana ne masu bambanta da maƙwabta. `Temporal NR` kuwa firem ɗin baya da na gaba yake tambaya. Littafin da ke kanta yana nan a wuri ɗaya a kowane firem, yashi kuwa kowane firem sabo ne. In ka haɗa firem huɗu ka raba, littafin bai canja ba, yashin ya ragu da rabi. In ka haɗa tara, ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Yanzu ka tuna lissafin ɗazu. Fuskar da take 250 ya kamata ta kasance wajen 430 zuwa 450, wato ka yi ƙasa da kusan sitof biyu, hasken ya gaza sau huɗu, yashi ya ninka biyu. Firem huɗu ne ke biyan wannan bashin. Ka sa `Frames Either Side` a 2, firem biyar ke nan da na tsakiya. A takarda ka dawo daidai. A zahiri ba za ka kai ba, amma za ka matso.

Ga yadda zan yi in ni ne. Nod na farko `Temporal NR` kaɗai, `Motion Est. Type` a `Better`, `Motion Range` a `Small` tunda mutum ne zaune. Ka raba sarƙar da ta ɗaure `Luma` da `Chroma`. Ka yi wani nod na wucin gadi a gaba wanda ya ɗaga hoton fiye da kima, don ka riƙa ganin abin da kake yi. Ka girmama hoton zuwa kashi 100 a wurin da ya haɗa gemu da bango. Ka fara da `Chroma`, kana hawa har ɗigon launi su lafa. Sannan `Luma`, a hankali, ka tsaya tun da sauran ɗan yashi. Ba zan ba ka lamba ba don kowace kyamara da nata, amma na launin yakan wuce na hasken nesa. In ka kunna `Highlight` ka zaɓi `A/B`, zai nuna maka abin da nod ɗin ya cire kaɗai. Yashi zalla ya kamata ka gani. Da zarar ka fara gane siffar ido ko layin gemu a ciki, ka wuce gona da iri, koma baya.

Kada ka yanke hukunci a kan tsayayyen firem. Kunna bidiyon ka kalla yana tafiya.

Bilkisu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma ina da wani bidiyo na dare da aka turo mini ta WhatsApp, minti biyu ne, na gwada duk wannan ba abin da ya canja. Duhun ba yashi ne a cikinsa ba, wasu murabba'ai ne manya-manya kamar tayil, suna tsaye sai can su yi tsalle. Me zan sa masa?

Zainab: Bilkisu, naki yashin ya riga ya mutu, an binne shi tare da bayanin. Da aka matse fayil ɗin don ya yi sauƙin turawa, an shafe duk ƙananan bambance-bambancen da ke cikin duhu an maye su da murabba'i mai launi ɗaya. Ba abin da za a tara daga firem zuwa firem, tunda firem ɗin kwafin juna suke yi. Ki nemi wanda ya ɗauka ya turo miki ainihin fayil ɗin a matsayin `Document`, ko ya zuba miki a filas. In babu, `Deband` zai ɗan goge bakin murabba'an, iyakarsa ke nan.

Bilkisu: Ya ce ya goge na wayarsa. Shi ke nan, na haƙura.

Malam Habu: Abin da Zainab ta faɗa ya shafi Sagir ma, shi ne dalilin da na ce ba zai kai lissafin takarda ba. Megabit 100 yana da girma a baki, amma ka raba shi gida 25, kowane firem ya samu miliyan 4, ka raba wa fiksel miliyan 8.3, kowanne bai kai rabin bit ba. Dole kyamara ta zaɓi inda za ta yi rowa, kuma irin H.264 ɗin nan yakan aje cikakken firem ne jefi-jefi, sauran duk gyaran na kusa da su ne. Don haka wani ɓangare na dattin duhu yana maimaituwa a firem da yawa a jere, `Temporal NR` ya gan shi a tsaye ya ɗauka bango ne. Haka layukan da wasu sensa ke yi a tsaye ko a kwance, da fiksel mai ci kullum a wuri ɗaya. Duk abin da ba ya canjawa, wannan hanyar ba ta ganinsa.

Sagir: Na gwada. Bangon da littattafan sun yi tsaf fiye da yadda na zata, har ina iya karanta manyan haruffan bayan littafi biyu. Gemun yana nan da silinsa. Amma ga sabuwa: dattijon mai magana da hannu ne, duk lokacin da ya ɗaga hannu sai in ga kamar yatsun sun bar inuwa a baya, kamar hannu biyu. A minti na 12 da ya gyara tabarau abin ya fi muni. Na kai firem ɗin 4 don na ga ya fi tsabta.

Malam Habu: Ka yi haɗama, ƙanena. Firem 4 kowane gefe tara ke nan, fiye da sulusin daƙiƙa, hannu yana iya zuwa ya dawo a wannan lokacin. Koma 2. Daga biyar zuwa tara ribar kaɗan ce, asarar ce mai yawa. In har inuwar tana nan, ka rage `Motion` da ke ƙarƙashin `Temporal Threshold`, hakan zai sa ya janye hannunsa daga wuraren da ke motsi. Abin da za ka gani bayan nan shi ne yashi ya dawo a kan hannun da kewayensa duk lokacin da ya motsa. To nan ne `Spatial NR` yake da aiki: `Radius` a `Small`, `Chroma` da ɗan ƙarfi, `Luma` kaɗan ƙwarai ko ma sifili. Yashi a kan hannu mai motsi ba wanda zai lura da shi, hannu mai yatsu goma kuwa kowa zai gani. Wurin tabarau ɗin kuma ka yanka shi daban ka sassauta masa, ba dole saiti ɗaya ya yi wa minti 40 ba.

Zainab: A nan ni da Malam muka ɗan saɓa. Ni ba na sa rage yashi a nod na farko in hoton ya yi duhu haka. Nakan fara ɗaga hasken gaba ɗaya, sannan in rage. Abin da na lura, in komai yana matse tsakanin 30 da 90, tazarar da ke tsakanin "bai yi komai ba" da "ya shafe komai" ƙanƙanuwa ce, da ka taɓa lambar sai ta zarce. In na buɗe hoton tukuna, sai in samu wurin juyawa.

Malam Habu: In ɗagawar ta bai ɗaya ce, ko'ina daidai, ba ni da ja, Hajiya. Abin da nake gudu shi ne a sa shi bayan `Curves` da `Power Window` da ƙarin kaifi, lokacin da yashin fuska ya zama wani girma, na bango ya zama wani. Sai ka rasa lambar da za ta yi wa duka biyun. Masu manhajar rage yashi ta Neat Video ma sun san wannan, tunda shi sai ya auni yashin a wani fili marar zane kafin ya fara, in ka riga ka murɗa hoton awon ba ya zama daidai a ko'ina. Ni dai na saba da farko kuma ban ga ya cuce ni ba.

Zainab: To Sagir ya gwada duka biyun a daƙiƙa goma ya gani. Kyamarar tasa ce za ta raba mu.

Sagir: Na gwada, gaskiya ban iya bambance su ba, sai dai na Hajiya ya fi sauƙin saitawa. Na bar shi a haka. Yanzu ɗagawar fa? `Lift` ɗin ne ba daidai ba?

Malam Habu: `Lift` ƙasan hoton yake ɗagawa, baƙi ya koma toka. Kusurwar da ba komai a cikinta da rigar mai matakai huɗu, su ne za su fara fitowa fili, wato wurin da ya fi ko'ina datti ka haska. Kai kuma so kake ka yi abin da buɗe lens zai yi, sifili ya zauna a sifili, sauran su ninka. A hoton Rec.709 `Gain` ya fi kusa da wannan. Ninka lambobin da kusan 1.33 yana kama da sitof ɗaya, 1.5 kusan ɗaya da rabi, 1.8 kusan biyu.

Kada ka biya bashin duka a hoton gaba ɗaya. Ka tsaya a 1.5. Fuska za ta koma tsakanin 270 da 375, littattafai tsakanin 45 da 135, riga ƙasa da 30. Murfin fitila zai so ya kai 1050 ya ƙone, sai ka shiga `Curves` ka lanƙwaso saman ya sauka wajen 900. A ƙasan layin kuma ka kafa ɗigo wajen 30 ka ɗan danna abin da ke ƙarƙashinsa, rigar ta nutse ta zama baƙa mai tsabta. Ƙa'idar da nake bi da `Curves` ita ce, inda layin ya miƙe tsaye yashi yana ƙaruwa gwargwadon tsayuwar, inda ya kwanta yashi yana raguwa. Ka ba da tsayuwar inda fuska take, ka kwantar da shi inda ba ka da abin nunawa.

Rabin sitof ɗin da ya rage, fuska kaɗai za ka ba. `Power Window` mai siffar ƙwai, bakinsa da laushi sosai, ka bi shi da `Tracker`, ka ɗaga har goshi ya kai wajen 430. Kada ka wuce haka, in ba so kake ya yi kamar an haska shi da tocila ba. Daga ƙarshe `Lum vs Sat`, ka sauke gefen hagu, duk abin da ke can ƙasa ya rasa yawancin launinsa. Sauran ɗigon ja da koren da suka tsira, nan za su ƙare. Kuma ka manta da `Sharpen` da `Midtone Detail` a wannan aikin.

Nura: Ni fa har yanzu ina ganin in bayan ya zauna da duhu haka, mai aikin zai ce ba a gyara ba.

Zainab: Mai aikin fuska zai kalla, Nura. Ɗaki da fitila ɗaya dama haka yake a ido. Abin da ke tona asiri shi ne bango mai launin toka yana tafasa.

Ɗanlami: Malam ka ce za ka nuna inda nake da gaskiya, ina jira. Kuma mu masu Resolve na kyauta ba mu da waɗannan `NR` ɗin, yaya za mu yi?

Malam Habu: Ban manta ba. Juya bit 8 zuwa 10 shi kaɗai ba ya ƙara komai. Amma in ka haɗa firem biyar ka raba, amsar takan faɗo tsakanin matakai. Fiksel ɗin da ke tsalle tsakanin 22 da 23 zai ba ka 22 da ɗoriya, kuma wannan ɗoriyar bayani ne na gaske da yashin kansa ya ɗauko. In ka aje sakamakon a bit 8 ka zubar da ita, in ka aje a bit 10 ka riƙe ta. To ga mai son ya tsabtace a waje sannan ya kawo Resolve na kyauta, nan shawararka take aiki:

```
ffmpeg -i C0007.MP4 -vf "format=yuv422p10le,hqdn3d=1:6:5:9,scale=1920:-2:flags=area" -c:v prores_ks -profile:v 3 -c:a pcm_s16le tsabtace.mov
```

Lambobi huɗun nan, biyun farko na cikin firem ne, haske sannan launi, biyun ƙarshe na tsakanin firem ne, haske sannan launi. Wurin farawa ne kawai. Ka sani `hqdn3d` ba ya bin motsi, don haka in kyamara a hannu take ko mutum yana yawan motsi, zai ja jela. Ga irin hoton Sagir zai yi abin kirki.

Ka lura kuma da `scale` ɗin. Sa'a ta biyu ke nan da na ambata tun farko: daga 4K zuwa 1080 kowane fiksel huɗu sun zama ɗaya, wani haɗawa da rabawar ne. Ba ya kai rabi cif, don maƙwabtan fiksel sun riga sun ɗan ari yashin juna, amma ana gani. Saboda haka Sagir, ka duba sakamakonka a 1080 kafin ka ƙara wa `Luma` ko ɗigo, kada ka yaƙi yashin da zai tafi da kansa.

Sagir: Na fitar da minti ɗaya na gwaji. Fuska ta yi kyau, gemu lafiya, hannu ɗaya ne yanzu. Amma a H.264 ɗin da na fitar, bangon da hasken fitila ke dushewa a kansa ya yi zobe-zobe kamar an yanka albasa. A cikin Resolve babu su.

Zainab: Ka tsabtace bangon sosai, sai bit 8 na fitarwa ya rasa abin da zai ɓoye matakansa da shi. Ka mayar masa da ɗan yashi. Ko dai ka ɗaga `Blend` na `Temporal NR` kaɗan don wani abu na asalin ya dawo, ko ka sa `Film Grain` siriri marar launi a nod na ƙarshe, wanda sai ka matso allo za ka gan shi. Ni na biyun na fi so, don sabon yashin daidai yake a ko'ina, har ya rufe bambancin da ke tsakanin hannu da bango.

Malam Habu: Zai yi, in fayil ɗin zai tsaya a yadda ka fitar da shi kuma ka ba shi megabit isasshe. In YouTube za a ɗora, za su sake matse shi, kuma siririn yashi a wuri mai duhu yana cikin abin da matsewa ke fara cinyewa, sai zoben su dawo, wani lokacin da murabba'ai a kai. Ni a irin wannan nakan fi son in ƙara duhunta bangon kaɗan don zoben su rage fitowa, in kuma miƙa fayil mai bit 10 in an yarda.

Zainab: Ni kuwa na ɗora da yashin sau da yawa ya tsira, musamman in ƙwayar ba ta cika ƙanƙanta ba.

Sagir: Ban ma tambaye su inda za su sa shi ba. Bari in fitar da minti ɗayan nan iri biyu, in ɗora su a ɓoye in kalla a waya da talabijin. Sauran minti 39 ɗin kuma kwamfutar ta ce sai nan da awa uku, fankarta har ta fara kuka.